Ƙwai ya taso a ruwa: tsufa ne ko lalacewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yin kek na sayarwa, kuma kiret-kiret nake sayen ƙwai. Jiya na zuba kiret ɗaya a robar ruwa, uku suka taso sama, wajen goma suka miƙe tsaye, sauran suka kwanta. Surukata ta ce laifina ne da nake karɓar mai hasken ɓawo, wai mai jan ɓawo da jar gwaiduwa shi ne sabo. Wanne zan kama? Waɗanda suka taso ɗin zubarwa zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ɓawo yana gaya miki irin kazar da ta yi ƙwan. Gwaiduwa tana gaya miki abin da kazar ta ci. Ruwa kuma yana gaya miki yawan danshin da ƙwan ya rasa tun ranar da aka haife shi. A cikin ukun nan, na ƙarshen ne kaɗai ya taɓa maganar tsufa, shi ma ba kai tsaye ba, don haka a kansa zan fi daɗewa. Amma bari mu fara sallamar maganar Hajiya, cikin girmamawa.

Ƙwai yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza, kuma wajen awa 20 daga ciki a wurin da ake gina ɓawo yake yin su. Ɓawon da kansa fari ne. Idan kazar jar ƙwai ce, a sa'o'in ƙarshe ne jikinta yake shafa wa bayan ɓawon launi, kamar yadda ake shafa wa bango fenti bayan an gama gini. Ki fasa jan ƙwai ki leƙa cikin ɓawon, ki ɓare tantanin, za ki tarar da shi fari. Abin da ke yanke hukuncin launin gado ne. Jajayen kajin gidan gona irin su Isa Brown, da Shika Brown da aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, jan ƙwai suke yi. Leghorn fari take yi. Akwai wata kaza mai suna Araucana, asalinta ƙasar Chile, da ke yin shuɗin ƙwai, ita kam launin ya ratsa ɓawon har ciki. Kajinmu na gida galibi ƙananan ƙwai suke yi masu launin madara ko ƙasa-ƙasa mai haske. Duk wanda ya fito ja, ja zai zauna ko ya shekara a ajiye, wanda ya fito fari kuma haka.

To me ya sa a kiret ɗaya za ki ga wani ja sosai, wani ya koɗe? Kaza tana tsufa ƙwanta yana ƙara girma, launin da take iya fitarwa kuwa bai ƙaru ba, sai ya bazu a kan fili mai faɗi ya yi haske. Firgici ma yana kawo haka: idan aka tsorata kaji ko aka canja musu wuri, wata ta saki ƙwai kafin a gama shafa masa launi, wata ta riƙe shi fiye da ƙa'ida har wani farin gari kamar alli ya hau kansa. Cututtukan numfashi na kaji da wasu magungunan da ake sa musu a abinci su ma suna koɗar da ɓawo. Saboda haka koɗaɗɗen ƙwai labarin kazar yake ba ki, yana iya zama na safiyar yau. Abin da ya kamata idonki ya nema a ɓawo shi ne tsaga, ko da siririya ce kamar gashi, da kashin kaji da ya bushe a jiki, da ɗigon baƙi ko kore na fumfuna, da kuma ɓawo marar kauri mai yashi-yashi. Waɗannan su ne ƙofofin lalacewa. Wasu na cewa sabon ƙwai ba ya ƙyalli, tsoho ne ke sheƙi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin hannu da gogayya suna goge lulluɓin ɓawo, amma ba abin da za ki jingina kuɗinki a kai ba ne, don akwai kajin da ƙwansu ke fitowa da santsi tun farko.

Gwaiduwa kuma kaza ba ta ƙirƙirar launinta, daga abinci take kwaso shi. Jar masara da ganye kore da furen da ake haɗawa a wasu abincin kamfani da garin jan tattasai, duk suna ɗauke da sinadarin launi mai narkewa cikin maiƙo, shi ne yake taruwa a gwaiduwa. Kazar da ake ciyarwa da farar masara da dawa da gero da dusar alkama, gwaiduwarta fara-fara take fitowa ko da ƙwan yana da ɗumin jikinta. Wannan ne ya sa kazar gida mai yawo take ba da gwaiduwa mai duhu da damina, lokacin da ciyawa da ƙwari suka yawaita, sai launin ya ja baya da rani. Mai gidan gona da ya san aikinsa yana iya juya launin yadda kasuwa take so: ya ƙara jar masara ko busasshen ganyen zogale kaɗan a haɗin abinci, cikin kwana 10 zuwa mako biyu gwaiduwa ta yi duhu, domin ita gwaiduwa a hankali take taruwa, shimfiɗa bisa shimfiɗa, fiye da mako guda kafin ta zama ƙwai. Manyan gidajen gona har suna da wani kati kamar mafici mai launuka jere, daga rawaya mai haske zuwa ruwan lemo mai duhu, da suke auna wannan da shi. Gwaiduwa mai duhu ta fi ɗauke da wannan sinadarin launi, wannan gaskiya ne, kuma kek ɗinki zai fi kyan gani da ita. Amma wajen furotin da maiƙo bambancin bai taka kara ya karya ba, wajen sabunta kuwa ba ruwanta. Ƙwan da ya yi wata guda a shago yana iya fasowa da jar gwaiduwa.

Akwai launi ɗaya na gwaiduwa da ya shafi ƙasarmu ta auduga. Idan aka cika wa kaji ƙulin angurya a abinci, wani sinadari da ke cikinta mai suna gosifol yana sa gwaiduwa ta yi dabbare-dabbare, kore-kore ko ƙasa-ƙasa, musamman in ƙwan ya ɗan kwana biyu a ajiye. Idan kika ga haka a ƙwai da yawa daga gona ɗaya kuma babu wari, abincin kajin ne abin tuhuma. Ki gaya wa dillalin, ki canja wurin saye. Shi kuma koren zobe da ke zagaye gwaiduwar dafaffen ƙwai, daɗewa a kan wuta ne ya jawo shi, ana ci ba komai.

Yanzu ga ruwa. Ɓawon ƙwai ba rufaffe ba ne, yana da ƙananan ƙofofi dubbai, tsakanin 7,000 zuwa 17,000, waɗanda ido ba ya gani. A ƙarƙashin ɓawon akwai tantani biyu manne da juna. Lokacin da ƙwai ya fito daga jikin kaza da zafinsa ya fara hucewa, abin da ke ciki yana ɗan tsukewa, sai tantanin biyu su rabu ta wajen ɓangaren mai faɗi, wani ɗan gurbi na iska ya samu. Kin san wannan gurbin: shi ne lotsawar da kike gani a gindin dafaffen ƙwai idan kin ɓare. Daga ranar nan ruwan cikin ƙwai yana ta fita ta ƙofofin nan a matsayin tururi, iska tana shiga tana maye gurbinsa. Girman ƙwan daga waje bai canja ba, nauyinsa ne yake raguwa. Duk sirrin gwajin ruwa ke nan.

Bari mu yi lissafin da ƙwai ɗaya. Ki ɗauki ƙwai mai giram 60. Sabon ƙwai ya fi ruwa nauyi da kusan kashi 8 cikin ɗari, wato ruwan da zai cika daidai girman wannan ƙwan nauyinsa wajen giram 55 da rabi ne. Rarar giram 4 da rabi ita ce take danne shi a ƙasan roba. Ranar da ya rasa wannan rarar, kusan cikin cokalin shayi ɗaya na ruwa, ranar zai taso. Kafin ya kai nan yana bin matakai. Sabo yana kwanciya shame-shame a gefensa. Da gurbin iska ya ɗan girma sai gindin mai faɗi ya ɗaga, ƙwan ya karkace. Ya ƙara girma, sai ya miƙe tsaye a kan tsininsa yana taɓa ƙasa. Daga nan sai tasowa.

Kwana nawa ke nan? A nan ne yawancin abin da ake yaɗawa yake kuskure, don ana ba da adadin kwanaki kamar ƙwai yana da agogo a ciki. Saurin fitar ruwan ya dogara da zafi da bushewar iska. Masu injin ƙyanƙyasa sun san wannan sarai: a zafin digiri 37 da rabi, da danshi matsakaici, ƙwai yana rasa wajen kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa a kwana 18. Ga ƙwanmu mai giram 60, giram 7 da ɗoriya ke nan, wato kusan giram 0.4 kowace rana. Ki raba giram 4 da rabi da wannan, za ki samu kwana 11 ko makamancin haka. Yanzu ki tuna yadda shagon kwano yake a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, zafi ya kai digiri 40, iska a bushe ƙayau. Wannan shago bai da maraba da injin ƙyanƙyasa, wani lokacin ma ya fi shi busar da ƙwai. Ƙwan da ke ciki zai iya tasowa kafin ya cika mako biyu. Ɗan'uwansa da aka haifa rana ɗaya aka sa a firji cikin kwali a rufe, zai yi makonni da yawa yana kwance a ƙasan roba.

Yanayin shekara ma yana juya sakamakon, kuma ta fuska biyu masu karo da juna. Da hunturu iska a bushe take amma da sanyi. Ƙwai yana saurin rasa ruwa, ya miƙe tsaye da wuri, alhali cikinsa lafiya lau saboda sanyin ya hana ƙwayoyin cuta sakewa. Da damina kuwa iska cike take da danshi, ruwan ƙwai ba ya samun hanyar fita, sai ya daɗe yana nutsewa kamar sabo, alhali ɗumi da laima sun ba fumfuna da ƙwayoyin cuta damar ratsa ɓawo. Saboda haka a watan Agusta za ki iya ɗauko ƙwan da ya kwanta a ƙasa ki fasa ki tarar da baragurbi. A ganina wannan shi ne babban aibin gwajin: lokacin da kika fi bukatarsa, lokacin ne ya fi yi miki ƙarya.

Kaurin ɓawo shi ma yana shiga lissafin, domin ɓawo ne ɓangaren da ya fi nauyi gwargwadon girmansa. Ƙwai mai kaurin ɓawo yana iya farawa da rarar giram 5, mai siririn ɓawo da giram 4 ko ƙasa da haka, ga shi kuma ya fi saurin zubar da ruwa. Ƙwai biyu na rana ɗaya, ɗaya zai riga ɗaya tasowa da kwana biyu ko uku. Tsofaffin kaji siririn ɓawo suke yi, haka ma kajin da zafi ya dama suna haki da bazara, don hakin yana rage musu abin da jiki ke gina ɓawo da shi. Ƙwan zabi yana can ɗaya gefen: ɓawonsa mai kauri ne ƙwarai, yana jinkirin tasowa, kuma gaskiya ya fi jure ajiya. Sai dai da damina ake samunsa, yawanci an tsinto shi daga gurbi a jeji ba a san kwanansa ba, don haka nutsewarsa kaɗai ba ta isa shaida ba. Ruwan gwajin kuma ya zama ruwa zalla. Idan da gishiri a ciki ruwan ya ƙara nauyi, gishiri mai yawa yana iya taso da ƙwan da aka haifa yau.

Akwai abubuwa biyu da ruwa ba ya gani ko kaɗan. Na farko ƙwan da zakara ya taka. Ƙwan gidan gona ba shi da wannan matsala don ba a haɗa kajin da zakara, amma ƙwan kajin gida da na zabi yawanci takakke ne. A zafin bazara ɗan tayi yana fara girma ko kaza ba ta kwanta a kai ba, cikin kwana biyu zuwa uku jijiyoyin jini su bayyana, sannan ya mutu ya bar zoben jini a kan gwaiduwa. Wannan ƙwai zai nutse lafiya lau domin bai daɗe ba. Kada ki haɗa shi da ɗan ɗigon jini guda da ake gani jefi-jefi a ƙwan gona, wanda jijiya ce ta fashe lokacin da gwaiduwa ke saukowa. Shi ana cire shi da bakin cokali a yi amfani da sauran. Na biyu, kuma mafi haɗari, ƙwayar cutar Salmonela. Tana iya shiga ƙwai tun yana cikin kaza kafin a gina ɓawo, ba ta canja wari, ba ta canja launi, ba ta canja nauyi. Dangantakarta da tsufa ita ce, ƙwai yana daɗewa a ɗumi tantanin gwaiduwa yana raunana, sai ƙwayar ta samu isa ga abincin da ke cikin gwaiduwa ta yi ta ninkuwa. Maganinta wuta ce: a dafa har fari da gwaiduwa su daskare, abin da aka haɗa da ƙwai kuma cikinsa ya kai digiri 71. Kek da ya gasu ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Inda za ki kula shi ne kirim ɗin saman kek ko mayonis da ake yi da ɗanyen ƙwai, da lasar kwaɓin da yara suke so, da ɗanyen ƙwai a madara da ake ba mai ciki ko marar lafiya don ƙarin jini. Babu gwajin da zai tabbatar miki da waɗannan.

Sannan gwajin da kansa yana yi wa ƙwai illa, kuma wannan ya shafi kiret ɗinki kai tsaye. Kaza tana sako ƙwai da wani siririn lulluɓi da ke bushewa nan take ya toshe ƙofofin ɓawo. Ruwa da gogewa suna lalata shi. Idan kuma ruwan ya fi ƙwan sanyi, kamar ruwan randa a kan ƙwan da ya sha zafin shago, abin da ke ciki yana tsukewa ya zuƙo ruwan waje ta ƙofofin, tare da duk dattin da ke cikinsa. Ƙwai talatin a roba ɗaya, in guda biyu suna da kashin kaji a jiki, an raba wa sauran. Dalilin nan ne ya sa a ƙasashen Tarayyar Turai ba a wanke ƙwai mai daraja ta ɗaya kafin sayarwa, a Amurka kuwa ana wankewa da ruwan ɗumi a masana'anta amma dole ya zauna a sanyi daga nan har ya isa gida. Mu nan da wuta ba ta da tabbas, hanyar rashin wankewa ce ta dace da mu. Duk ƙwan da ya shiga ruwa, a yi amfani da shi a ranar ko washegari.

Abin da ya fi ruwa, kuma ba ya jiƙa komai, tocilar wayarki ce. Ki shiga ɗaki mai duhu, ki dunƙule hannu a kan fitilar yadda haske zai fito ta ƙaramar kafa tsakanin babban yatsa da manuni, ki ɗora gindin ƙwan mai faɗi a kai. Tsofaffin masu sayen ƙwai a kasuwannin ƙauye haka suke yi da hasken rana, su dunƙule hannu su leƙa. Za ki ga gurbin iskan kamar ƙaramar hula mai haske. Zurfinsa ake aunawa. A ƙa'idar Tarayyar Turai ƙwai mai daraja ta ɗaya gurbinsa ba ya wuce milimita 6, wanda ake kira sabo fil kuma ba ya wuce 4. In ba ki da abin awo, tsinken ashana ɗaya wajen milimita 2 ne: kaurin tsinke biyu sabo ne, uku ya kai iyaka, abin da ya wuce haka ya kwana. Sai ki juya ƙwan da sauri a gaban hasken. A sabon ƙwai gwaiduwa inuwa ce marar iyaka a tsakiya, da kyar take motsi, domin farin mai kauri ya riƙe ta. A tsoho za ki gan ta sarai tana yawo tana zuwa jikin ɓawo. Tocila kuma tana nuna tsagar da ido bai gani ba, da zoben jini, da baƙin tabo na ruɓa. Jan ɓawo ya fi fari wuyar leƙawa, na zabi ya fi duka, don haka ɗakin ya yi duhu sosai. Girgiza ƙwai a kunne da masu shayi suke yi yana kama wanda ya tsufa ƙwarai har cikinsa ya zama ruwa, amma ba ya bambance na kwana uku da na kwana goma.

Hukuncin ƙarshe a faranti ake yanke shi. Ki fasa ƙwai a faranti mai shimfiɗaɗɗen ciki, ki duba ta gefe. Sabo yana da fari kashi biyu: mai kauri da ya taru ya yi tudu kewaye da gwaiduwa, da ɗan tsinkakke a gefe. Gwaiduwar tana tsaye kamar rabin ƙwallo. Fararen igiyoyin nan biyu murɗaɗɗu da ke gefenta, waɗanda wasu ke cirewa suna zaton ƙazanta ce, su ne suke riƙe ta a tsakiya, kuma fitowarsu sarai alamar sabunta ce. Idan farin ya yi hazo-hazo kamar an ɗiga madara, wannan ma sabo ne ƙwarai, iskar da ke narke a cikinsa ce ba ta gama fita ba. Da kwanaki suka ja, wannan iskar tana fita, farin mai kauri yana tsinkewa ya malale a faranti, ruwa yana ratsawa daga fari zuwa gwaiduwa, sai ta faɗaɗa ta kwanta, tantaninta ya yi rauni har ta fashe da an taɓa. Tsayin wannan farin mai kauri shi ne ma'aunin da masana'antar ƙwai take amfani da shi tun 1937, lokacin da Raymond Haugh ya fito da lissafinsa. Shi ma yana da iyaka: tsohuwar kaza, ko wadda ta yi ciwon numfashi, tana iya yin ƙwai mai tsinkakken fari tun ranar farko. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne wari, da fari mai kore ko ruwan hoda ko sheƙi kamar mai a kan ruwa, da baƙin tabo, da gwaiduwar da ta manne a ɓawo ko ta gauraye da fari tun kafin ki taɓa. Ko ɗaya daga ciki kika gani, ki zubar, ki wanke farantin da sabulu kafin ki fasa na gaba.

To mu dawo kan kiret ɗinki. Uku sun taso, goma sun miƙe, sha bakwai sun kwanta. Da duka talatin ɗin na rana ɗaya ne daga gona ɗaya, da ba za su rabu haka da nisa ba. Kaurin ɓawo zai iya raba su da kwanaki kaɗan, amma ba daga kwance zuwa saman ruwa ba. Abin da wannan ya fi nunawa shi ne an haɗa tsohon kaya da sabo a kiret ɗaya. Sha bakwai ɗin su ne na kek, musamman irin wanda ake buga farin daban har ya yi kumfa. Tsinkakken fari yana saurin tashi amma kumfarsa ba ta tsayawa, sai kek ya tashi a cikin tanda ya faɗa a tsakiya, kuma raba gwaiduwa da fari yana wuya idan tantaninta ya raunana. Ɗigon gwaiduwa ɗaya a cikin fari ya isa ya hana shi tashi. Goman da suka miƙe sun tsufa amma yawanci suna ciwuwa. Su ne ma suka fi daɗin dafawa, domin ɓawonsu yana saɓulewa ba tare da ya yago farin ba, saɓanin sabon ƙwai da ke mannewa. Za su kuma shiga cincin da fanke da duk kwaɓin da ba ya dogara da kumfa. Sharaɗin shi ne kowanne ki fasa shi shi kaɗai a ƙaramin kofi, ki duba ki sansana, sannan ki juye a kwano. Ƙwai ɗaya ɓatacce a kan sukari da bota na kek biyar asara ce da ta fi kuɗin kiret.

Ukun da suka taso kuma, da daga firji suka fito bayan doguwar ajiya, da na ce ki fasa ki duba, sau da yawa bushewa kawai suka yi. Amma naki a zafi suka bushe, kuma zafin da ya kwashe musu cokalin ruwa shi ne dai zafin da ƙwayoyin cuta suke so, ga shi abincin sayarwa kike yi wa mutane. Ki zubar da su. In kina son ganin cikinsu, ki fasa a waje, nesa da wurin aiki, domin baragurbi yana tara iska a ciki, wani lokaci da ƙara yake fashewa.

Don gaba, ki tambayi ranar da aka kwaso ƙwan daga gona, in da hali ki sayi kai tsaye daga gonar ko daga dillalin da kayansa ba sa kwana. Da bazara kada ki sayi fiye da abin da za ki ƙarar a mako guda in ba firji. Kafin ki biya, ki zaɓi biyar daga wurare daban-daban na kiret, har da na ƙasa in kiret ɗin jere ne, ki haska su. In kina son gwajin ruwa, a waɗannan biyar ɗin kaɗai za ki yi, su kuma ki fara amfani da su. A gida ki jera su gindi mai faɗi yana sama, don gurbin iska ya zauna a wurinsa kuma gwaiduwa ta tsaya a tsakiya. Ki ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da murhu da rana, nesa da kananzir da albasa da daddawa, domin ƙofofin da ke fitar da ruwa suna shigar da wari. Mai datti ki goge shi da busasshen tsumma ki riga amfani da shi. Idan firjinki na samun wuta kullum, a cikinsa can ciki ba a jikin ƙofa ba, ƙwai zai yi mako uku zuwa biyar. Idan kuwa wutar tana zuwa tana ɗaukewa, gara ki bar shi a waje a inuwa, domin ƙwan da ya yi sanyi ya dawo ɗumi yana yin gumi, wannan gumin kuma yana yi wa ɓawo irin abin da robar ruwan ta yi masa.